Yadda ake neman Google ya cire bayananka ko tsohon shafi daga sakamakon bincike: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin waɗanda suka rubuta sunansu a Google suka tarar da lambar wayarsu, ko lambar asusunsu na banki, ko wani tsohon shafi da suka ɗauka ya daɗe da mutuwa. An fi ba da ƙarfi ga Google saboda shi akasarin mutane ke amfani da shi, amma tambaya ta 11 ta taɓo sauran. Sunayen maɓallai da na fom an bar su yadda suke fitowa a allo.

1. Idan Google ya cire, shi ke nan bayanin ya bar intanet?

A'a. Google ba shi ne mai shafin ba, mai nuna hanya ne kawai. Na'urorinsa suna zagayawa suna karanta shafukan mutane, suna rubuta abin da suka gani a kundinsu, idan ka yi bincike sai ya ɗauko maka daga wannan kundin. Cirewar da Google ke yi kamar a goge sunan littafi ne daga rajistar laburare alhali littafin yana nan a kan kanta: wanda ya san inda yake zai je ya ɗauka. Duk wanda ke da adireshin shafin, ko aka tura masa shi ta WhatsApp, zai buɗe shi ba tare da ya bi ta Google ba.

Wannan ne ya sa aikin yake da ƙofa biyu, ta mai shafin da ta injin bincike. Wanda ya samu mai shafin ya goge bayanin ya gama babban aiki, ragowar sharar bayan biki ce.

2. Ta ina zan fara? Na ga fom kala-kala, na rasa wanne ne nawa.

Kafin ka taɓa kowane fom, danna sakamakon ka buɗe shafin, ka duba da idonka ko bayanin yana nan har yanzu. Idan shafin dogo ne, nemi lambar ko sunan da `Ctrl+F` a kwamfuta, ko `Find in page` a burauzar waya. Amsar wannan dubawa ita ce za ta zaɓa maka hanya.

Idan an goge shafin ko an cire bayanin daga cikinsa amma Google yana ci gaba da nuna tsohon, kayan aikinka shi ne `Refresh Outdated Content` (tambaya ta 5). Idan bayanin yana nan daram, kuma na sirri ne irin su lambar waya ko ta banki, fom ɗin cire bayanan sirri za ka cike (tambaya ta 3 da ta 4). Idan shafin naka ne, wato kai ke da ikon shiga ka gyara shi, `Search Console`, kayan aikin Google na masu shafuka, za ka nufa (tambaya ta 8). Idan kuwa ƙorafinka ɓata suna ne ko satar fasaha, wannan hanyar shari'a ce (tambaya ta 9). Da yawa daga cikin buƙatun da ake mayarwa ba don mai su ba shi da gaskiya ba ne, don ya shiga ƙofar da ba tasa ba ne, musamman masu kai shafin da ke raye wurin kayan aikin da aka yi domin matattun shafuka.

3. Waɗanne irin bayanai ne Google ke yarda ya cire ko da suna nan a shafin?

Lambobin shaida na gwamnati, wanda a Najeriya NIN ke shiga ciki, lambar asusun banki da ta katin kuɗi, hoton katin shaida ko fasfo, hoton sa hannunka, bayanan asibiti, sunan shiga da kalmar sirri. Tun watan Afrilun 2022 aka faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da lambar waya, adireshin imel da adireshin gida, ba tare da sai ka kawo shaidar cewa wani na barazana gare ka ba. Akwai kuma rukuni na daban domin hotunan tsiraici da aka yaɗa ba da yardar mai su ba, na gaske ne ko haɗawa aka yi, da hotunan yaran da ba su kai shekara 18 ba, da shafukan da ke wallafa abin kunya a kan mutum sannan su ce sai ya biya kafin su sauke.

Abin da ba ya shiga shi ne abin da ba ka so kawai. Labarin jarida a kan shari'ar da aka yi da kai, sukar da wani mai saye ya yi wa shagonka, tsohon hoton da ka fito ba ka yi kyau ba, duk ba bayanan sirri ba ne a ma'aunin wannan fom. Haka nan Google yakan ƙi taɓa abin da ke shafin hukumar gwamnati a matsayin bayanin da aka fitar domin jama'a, da abin da ya shafi mai riƙe da muƙami a kan aikinsa. Lambar wayar kasuwanci da kai da kanka ka tallata ita ma tana da wuyar fita ta wannan hanyar.

4. Yaya ake cike buƙatar cire bayanan sirri, daki-daki?

Hanya mafi sauƙi tana cikin sakamakon binciken kansa. Shiga asusunka na Google, bincika sunanka, danna ɗigo ukun da ke gefen sakamakon, ka zaɓi `Remove result`, sannan ka zaɓi dalilin da ya ce shafin yana nuna bayananka. Za a nemi ka rubuta sunanka da bayanin daidai yadda suka fito a shafin. A nan ake yawan tuntuɓe: idan shafin ya rubuta lambarka da `+234` ko ya raba ta da tazara, ko ya rubuta Muhammad alhali kai Mohammed ka saka, mai dubawa yana iya cewa bai ga daidaito ba. Kwafo rubutun daga shafin, kada ka rubuta da ka. Ana bibiyar buƙatar a sashen `Results about you`, wanda kuma zai iya turo maka sanarwa idan lambarka ko adireshinka suka sake bayyana a wani sabon shafi. Idan ba ka ga wannan sashe a asusunka ba, ko abin da kake son cirewa lambar banki ce ko hoton katin shaida, je `support.google.com/websearch` ka nemi fom ɗin cire bayanan sirri.

Wannan babban fom yana neman abu huɗu: adireshin shafin da bayanin yake, adireshin shafin sakamakon binciken da ya nuna shi, kalmomin da ka rubuta har ya fito, da hoton allo da ke nuna bayanin a cikin shafin. Adireshin shafin shi ne wanda ke saman burauza bayan ka buɗe shafin, cikakkensa, ba sunan gidan shafin kaɗai ba. Wanda ya tura `example.com` alhali bayanin yana `example.com/files/list.pdf` ya tura mai dubawa neman allura a cikin rumbu, kuma ba zai nema ba. Fom ɗaya yana ɗaukar adireshi har 1,000, kowanne a layinsa, don haka ba sai ka cike goma domin shafi goma ba.

Ana iya cike wa wani, kamar uba ga 'yarsa ko lauya ga wanda yake karewa, amma fom ɗin zai tambayi alaƙarku.

5. An goge shafin tun tuni, amma har yanzu yana fitowa da lambata a ƙasansa. Me zan yi?

Google bai sake zagayowa kan shafin ba ne, yana nuna maka abin da ya gani a ziyararsa ta ƙarshe. Manyan shafukan labarai ana leƙa su sau da yawa a rana, amma ƙaramin shafin makaranta ko ƙungiya, ko fayil ɗin PDF da aka jefa a wani lungu, yana iya yin watanni ba a waiwaye shi ba. Maimakon jira, buɗe `search.google.com/search-console/remove-outdated-content`, shiga da asusun Google kowane iri, danna `New request`, ka liƙa adireshin shafin.

Daga nan abu biyu ne. Idan shafin ya mutu gaba ɗaya, wato yana mayar da lambar kuskure 404 ko 410, na'urar za ta tabbatar da kanta ta karɓi buƙatar. Idan kuma shafin yana nan amma an cire bayaninka daga ciki, za a ce ka kawo kalmar da take cikin tsohon rubutun amma babu ita a sabon. Wannan ɗan akwati shi ne inda aka fi faɗuwa. Mutane sukan rubuta bayani a ciki, irin su roƙon a taimaka a cire saboda an riga an goge, alhali na'ura ce za ta ɗauki abin da ka rubuta ta neme shi a shafin. Kalma ɗaya tak ta isa, amma ta zama wadda babu ita ko'ina a shafin yanzu. Idan ka saka sunan mahaifinka, kuma akwai wani mai irin sunan a layi na ɗari biyu, za a ce ai kalmar tana nan, a ƙi.

A lura kuma: idan shafin yana raye, abin da za a yi shi ne sabunta ɗan rubutun da ke ƙarƙashin kanun, ba fitar da shafin daga sakamako ba. Shafin zai ci gaba da fitowa, sai dai ba da bayaninka ba.

6. Za a iya nuna misali daga farko zuwa ƙarshe?

A ce wata ƙungiya ta raba tallafin jari, ta sa jerin waɗanda suka samu a shafinta cikin fayil ɗin PDF mai shafi 40, kowane layi da suna, unguwa, lambar waya da lambar asusu mai lamba 10. Wata mai ɗinki da ke cikin jerin ta fara samun kiran 'yan damfara da ke karanto mata sunan bankinta suna neman lambar da aka turo mata. Ta rubuta lambar wayarta a Google tsakanin alamar zance biyu, kamar `"0800 000 0000"`, sai ga fayil ɗin. Kafin komai ta ɗauki hoton allo na layinta da na sakamakon binciken, ta kwafi adireshin fayil ɗin da ya ƙare da `.pdf`. Sai ta yi abu biyu a rana ɗaya: ta rubuta wa ƙungiyar ta ce a sauke fayil ɗin ko a goge ginshiƙin waya da na asusu, ta kuma cike fom ɗin tambaya ta 4, tunda lambar asusu tana cikin abin da ake cirewa.

Bayan kwanaki ƙungiyar ta ce ta cire. Ta duba, ta tarar mahaɗin da ke shafin farko kawai aka goge, fayil ɗin kansa yana buɗewa idan aka liƙa adireshinsa. Wannan kuskure ne da ake yawan yi: an rufe ƙofar zaure, an bar taga. A wannan hali `Refresh Outdated Content` ba zai karɓa ba, domin fayil ɗin yana raye da komai nasa. Sai ta koma ta ce a goge fayil ɗin daga sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Da aka goge, adireshin ya fara nuna 404, ta kai shi kayan aikin tambaya ta 5, aka karɓa.

Saura abu ɗaya. Ta sake bincike da lambar a siffofi uku, a haɗe, a rarrabe, da kuma da `+234`, sai ta ga wani shafin tara takardu ya kwafi fayil ɗin. Wannan adireshi ne na daban, buƙatar farko ba ta shafe shi ba, dole sai an cike masa tasa.

7. An amince da buƙatata, amma ina ganin sakamakon. Ko kuma an ƙi, ban san dalili ba.

Amincewa iri biyu ce. Wani lokaci ana cire shafin daga kowane bincike. Wani lokaci kuwa, idan shafin yana ɗauke da wasu abubuwa masu amfani ga jama'a, ana hana shi fitowa ne kawai idan an bincika da sunanka, wanda ya bincika da wasu kalmomi zai iya ganinsa. Saƙon imel ɗin da aka turo maka yana faɗin wanne aka yi. Ka kuma duba adireshin da kake gani da kyau: `http` da `https`, da mai `www` da marar shi, da mai wutsiyar `?page=2`, kowanne Google na iya ɗaukarsa a matsayin shafi mai zaman kansa.

Idan kayan aikin tsohon shafi ne ya nuna `Denied`, mafi yawan dalili shi ne shafin bai mutu da gaske ba. Wasu shafuka idan aka goge abu sukan tura mutum shafin farko, ko su rubuta cewa babu komai a nan alhali a ɓoye suna gaya wa na'ura komai lafiya. Mai kwamfuta zai iya tabbatarwa da rubuta wannan umarni a `Command Prompt` ko `Terminal`, ya sa adireshin shafin a madadin na misalin:

```
curl -I https://example.com/files/list.pdf
```

Idan layin farko ya nuna 404 ko 410, shafin ya mutu. Idan 200 ne, yana raye a idon Google, sai ka bi ta hanyar kawo kalmar da ta ɓace. Idan 301 ko 302 ne, tura mutane ake yi wani wuri. Ana iya sake tura buƙatar da aka ƙi, amma sake tura ta yadda take ɓata lokaci ne, sai an gyara abin da ya jawo ƙin.

8. Shafin nawa ne. Yaya zan fitar da wani ɓangarensa da gaggawa?

A `Search Console`, bayan ka tabbatar da mallakar shafin, shiga `Removals` ka zaɓi `Temporarily remove URL`. Wannan yana aiki da sauri, amma ɓoyewa ce ta kusan wata shida. Idan wa'adin ya cika shafin yana nan yadda yake, zai dawo. A cikin wannan tazara sai ka yi ɗaya daga cikin uku: ka goge shafin ya riƙa mayar da 404 ko 410, ko ka sa masa kalmar sirri, ko ka sa wannan layi a sashen `<head>` na shafin:

```
<meta name="robots" content="noindex">
```

Fayil ɗin PDF ba shi da inda za a sa wannan layi, don haka ana aika masa `X-Robots-Tag: noindex` daga saba.

Kada ka dogara da `robots.txt`. Shi hana na'urar Google shiga shafin yake yi, ba ya cewa a fitar da adireshin daga kundi. Wanda ya sa `noindex` kuma ya toshe shafin a `robots.txt` ya rubuta wasiƙa ne ya kulle ta a ɗakin da ya hana manzo shiga: Google ba zai taɓa karanta umarnin ba, adireshin zai iya ci gaba da fitowa. Sannan fayil ɗin `robots.txt` kowa na iya buɗe shi, lissafa adireshin sirri a ciki nuna wa ɓarawo ɗakin ajiya ne.

9. Na ji ana maganar haƙƙin a manta da mutum. Ya shafe mu?

Asalinsa hukuncin Kotun Tarayyar Turai ne na ranar 13 ga Mayun 2014. Wani ɗan ƙasar Sifaniya, Mario Costeja González, ya yi ƙorafi cewa duk wanda ya bincika sunansa yana cin karo da sanarwar da jaridar La Vanguardia ta buga a 1998 kan gwanjon kadararsa saboda bashin da aka daɗe da warwarewa. Kotu ta ce mutum na iya neman injin bincike ya daina haɗa sunansa da bayanin da ya tsufa ko ya daina dacewa, ko da jaridar ba ta goge nata ba. A 2019 kotun ta ƙara da cewa wannan cirewa ba dole ta game duniya ba. Saboda haka fom ɗin Turai na mazauna can ne, Bahaushen da ke zaune a Jamus ko Italiya zai iya amfani da shi, na Kano ko Maraɗi ba zai iya ba.

A Najeriya akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ba mutum damar neman wanda ke riƙe da bayanansa ya goge su a wasu halaye, kuma hukumar NDPC ce ke karɓar ƙorafi. A Nijar hukumar ita ce HAPDP, Gana kuma tana da dokarta tun 2012. A aikace waɗannan dokoki sun fi kaifi a kan mai shafin da ke cikin ƙasar, kamar ƙungiyar da ke misalin tambaya ta 6. Wasiƙar da ta ambaci dokar takan motsa ofishin da ya yi biris da roƙo. Batun ɓata suna kuwa ana kai shi ta `support.google.com/legal`, kuma Google ba alƙali ba ne da zai tantance mai gaskiya tsakaninka da marubuci, hukuncin kotu shi ne abin da ya fi sa shi motsi. A sani cewa buƙatun shari'a ana iya aika kwafinsu zuwa rumbun Lumen da kowa ke iya dubawa.

10. Hotuna fa, musamman na tsiraici da ake yi wa mutum barazana da su?

Hoto yana da adireshinsa daban da na shafin da yake ciki, kuma galibi ana buƙatar dukkan biyun. Idan an goge hoton amma ƙaraminsa yana fitowa a binciken hotuna, a kayan aikin tambaya ta 5 zaɓi `Image`, ka liƙa adireshin da ka kwafo daga sakamakon hoton.

Na tsiraici yana da fom nasa, kuma ba a sharɗanta sai mai shafin ya goge ba. Domin hana a sake ɗora shi a dandalin sada zumunta akwai `StopNCII.org` ga waɗanda suka kai shekara 18, da `Take It Down` ga waɗanda aka ɗauki hoton kafin su kai. Duka biyun suna ƙirƙirar wata lamba ce daga hoton a cikin wayarka, kamar zanen yatsa, lambar ce ke tafiya ba hoton ba, kamfanonin da suka shiga tsarin kuma su toshe duk hoton da ya dace da ita. Biyan mai barazana ba ya goge kwafin da ke hannunsa. Adana saƙonninsa da lambar asusun da ya bayar domin kai ƙara. Idan hoton na yaro ne, kada a ɗauki hoton allonsa ko a tura wa kowa da sunan shaida, adireshin shafin kawai za a bayar.

11. Bing da sauransu fa? Kuma nawa ake biya?

Kowane injin bincike da kundinsa, abin da Google ya cire yana nan a Bing har sai ka nema a can. Na tsofaffin shafuka yana `bing.com/webmasters/tools/contentremoval`, na bayanan sirri kuma ana bi ta fom ɗin `Report a Concern`. Yahoo da DuckDuckGo sun dogara sosai da kundin Bing, don haka gyara a can yakan bi su. Akwai kuma `web.archive.org` da ke adana tsofaffin kwafin shafuka, shi ba injin bincike ba ne, ana rubuta musu buƙata ne kai tsaye.

Duk fom ɗin da aka ambata kyauta ne. Masu karɓar kuɗi da sunan goge mutum daga Google waɗannan fom ɗin suke cikewa, ba su da wata ƙofar baya, kuma kafin su fara sai ka miƙa musu ainihin bayanan da kake ƙoƙarin ɓoyewa.

12. Mai shafin ba ya amsawa, ko ban ma san ko wane ne ba.

Duba ƙasan shafin da sashen `Contact` ko `Privacy`. Idan babu, sa sunan gidan shafin a `lookup.icann.org`. Sunan mai shi galibi a ɓoye yake, amma za ka ga kamfanin da ya yi masa rajista tare da adireshin kai ƙorafi, wanda yakan fara da `abuse@`. Wasiƙar ta zama gajera: cikakken adireshin shafin, layin da bayanin yake, abin da kake so a yi, da ranar da kake sa ran amsa. Kada ka haɗa da hoton katin shaidarka ga shafin da ba ka san masu shi ba. Idan a Facebook, TikTok ko X aka wallafa, maɓallin kai rahoto na dandalin shi ne hanyar, kuma idan suka sauke rubutun amma ya ci gaba da fitowa a Google, ka dawo kan tambaya ta 5 da adireshin rubutun.